Iyafis ya rage ƙara ko ɗaya ya ƙi caji: buroshi, danƙo, sifirit, ruwan goge kwalliya ko mai gyara?

Jama'a wannan matsalar kusan kowa mai iyafis mara waya a Saudiyya ya santa, musamman masu yawo a rana kamar direbobi da masu kai saƙo. Wata uku huɗu da saye sai ka ji kunne ɗaya ya yi ƙasa, ka ƙure ƙara amma kamar daga ɗakin maƙwabta ake magana, ko kuma ka buɗe akwatin da safe ka ga na dama ya cika ɗari na hagu yana nan a kashi biyu. Daga nan sai shawarwari su yi yawa, wani ya ce sa allura, wani ya ce turare, wani ya ce kai shi Shari'a Falasɗin, titin masu gyaran waya na Jidda, kawai. To abin da nake so a fara riƙewa shi ne ciwon biyu ne, kuma maganin ɗaya yana iya tsananta ɗayan. Ragar da sauti ke fitowa tana son a ciro datti waje ne ba tare da jiƙa ta da sifirit ba, su kuma ƙarafunan caji sifirit ɗin ne ma ya fi musu. Wanda ya haɗa su ya yi musu wanka ɗaya shi ne yake komawa kasuwa.

Kafin ka kashe ko riyal ɗaya ka gano wanne ke damunka. In ƙara ce ta ragu, fara da duba saitin waya don wani lokacin ba iyafis ɗin ba ne, ma'aunin hagu da dama ne ya goce. A iPhone yana Settings > Accessibility > Audio & Visual > Balance, a Samsung kuma Settings > Accessibility > Hearing enhancements, ka tabbatar alamar tana tsakiya. In tana tsakiya, cire robar bakin in mai roba ne, haska ragar da tocilan ɗin waya ka kwatanta da ta ɗayan. Raga mai lafiya za ka ga ƙananan ramukanta, wadda ta toshe kuma ta yi sumul tana ɗan sheƙi, launin ruwan ƙasa ko rawaya. In caji ne, sa iyafis ɗin a akwati ka ɗan danna shi da yatsa kana kallon fitilar akwatin ko kashin batir a waya. In ya fara caji da ka danna, ya daina da ka saki, to ba batir ne ya hana cajin ba, haɗuwar ƙarfe da ƙarfe ce babu.

Me ya sa abin ya fi yawa a nan? Dauɗar kunne mai maiƙo ce, zafi yana narkar da ita ta shige cikin ramukan raga, ƙura ta zo ta manne a kai, ka shiga ɗaki mai sanyin iyakwandishan ta daskare. Ga man gashi, ga ɗan ud ɗin da ake shafawa bayan kunne. Ɓangaren caji kuma gumi ne babban abokin gaba, don gishiri ne a cikinsa, ka cire iyafis jiƙe da gumi ka jefa a akwati, wuta ta bi ta kan gishirin da danshi, a hankali ƙarfen ya yi baƙi ko kore-kore. Mutanen Jidda da Dammam sun fi shan wannan saboda danshin bakin teku, na Riyad ƙura ce ta fi damunsu.

Abubuwan da zan auna kowace hanya da su guda huɗu ne: nawa za ta ci maka, ko gyaran yana daɗewa ko bayan sati ka dawo gidan jiya, sauƙinta ga wanda hannunsa bai saba ba, sai haɗarin ɓata kayan gaba ɗaya. Na ƙarshen nan shi na fi ba nauyi, don ragar iyafis in ta ɓurma ciki ba a cika samun canjinta ba, kuma bayanta kaɗan fatar sifika ce siririya. Farashin da zan faɗa kiyasi ne, kanti da kanti ya bambanta.

Buroshi busasshe da tsinken auduga

Buroshin haƙori na yara mai laushi, sabo, wanda bai taɓa ganin man goge baki ba. A shagon abu hamsa, wato na kayan riyal biyar, ko kowane kemis za ka samu a wajen riyal biyar zuwa goma. Sirrin duk yana wajen riƙo: ka kifa iyafis ɗin ragar tana kallon ƙasa, sannan ka riƙa sharewa a hankali, yadda duk abin da ya fita zai faɗo ƙasa maimakon ya koma ciki. Mutane da yawa suna riƙe shi raga sama suna dirzawa, su tura dattin da hannunsu. Tsinken auduga shi kuma na gefen raga ne da cikin akwati, kar ka danna shi a tsakiyar raga don yana liƙe dauɗar ne ya shafe ramukan. Haɗari kusan babu, sauƙi kuwa ko yaro zai yi. Raunin hanyar shi ne busasshen datti kawai take iyawa, in maiƙon ya riga ya shige ya daskare za ka share har hannunka ya gaji ƙarar ba ta dawo ba. Kuma ba ta daɗewa sai ka maida ta al'ada, kamar duk Juma'a. Waɗancan alƙaluman gogewa da ake sayarwa a kasuwar intanet ta Noon da shagunan waya, masu soso da buroshi da ɗan tsinin ƙarfe, a wannan rukunin suke, soson yana da amfani wajen ramin akwati mai zurfi irin na AirPods, tsinin ƙarfen kuma gefe-gefe kawai, in ba ka yarda da hannunka ba ka manta da shi.

Danƙon manna takarda a bango

Irin su Blu Tack ko Patafix da ake samu a Jarir da shagunan kayan makaranta, fakiti ɗaya yawanci bai kai riyal ashirin ba kuma zai yi maka shekara. Ni a wajena wannan ce hanyar da ta fi dacewa da raga in buroshi ya kasa, saboda tana jawo datti waje. Ka gutsuri kamar ƙwayar wake, ka murza shi kaɗan, ka ɗora a kan raga ka taɓa a hankali ka fizge da sauri, ka ninke wajen da ya ɗauki datti ka sake, sau goma sau goma sha biyar, za ka ga danƙon yana canza launi. Amma fa akwai tarko kuma tarkon na ƙasar nan ne: zafi. Danƙon da ya kwana a mota ko ka daɗe kana murza shi yana yin laushi sosai, ka danna da ƙarfi sai ya shige ramukan ya tsinke a ciki, ka tashi daga matsalar dauɗa ka koma matsalar danƙo. Yi shi a ɗaki mai sanyi, taɓawa ba dannawa ba, kuma kar ka bar shi a manne kana jiran wai ya jiƙa. A iyafis masu araha da ragarsu ɗan ƙyalle ne aka manna da gam, danƙon yana iya ɗago ragar gaba ɗaya, to ka duba tukuna, in ka ga gefenta ya fara ɗagowa bar shi. Kamfanonin ba su sa wannan hanyar a takardunsu ba, dabara ce ta masu amfani, ka san da haka. Ga ƙarafunan caji ba ya wani aiki, sai dai yana tsince ɓurɓushin ƙarfe da maganaɗisun akwati ke tarawa a bakin murfi.

Sifirit

Nan ne ake yawan ruɗewa. Abin da ake nufi shi ne wanda aka rubuta Isopropyl Alcohol 70% a jikinsa, mafi sauƙin samunsa ƙananan ƙyallayen nan da ake goge fata kafin allura, ka shiga kemis kamar Nahdi ko Dawa'a ka ce mas'ha ɗibbiyya, kwali guda wajen riyal goma zuwa sha biyar. Ba turare ba, turare akwai mai a ciki, zai bar maiƙo a kan ƙarfen. Ba sanitaiza mai kauri ba, ita ma tana barin danƙo-danƙo. Aikinsa a kan ƙarafunan caji ne: ɗigo-ɗigon nan masu ruwan gwal guda biyu ko uku a jikin iyafis, da filolin da ke cikin akwati. Ka matse ƙyallen a kan tsinken auduga ya ɗan yi danshi kawai, ba ya ɗiga ba, ka goge ƙarfen iyafis kana jujjuyawa, ka ɗauki sabon tsinke ka goge na akwati, ka bar murfi a buɗe kamar minti goma sha biyar. Cire akwatin daga caja kafin ka fara. Yana narkar da maiƙo kuma yana bushewa da wuri, gyaran yana kai watanni in ka koyi goge gumi kafin ka mayar da iyafis akwati. A raga kuwa a'a. Apple da kansu sun ce kar a sa shi a ragar sifika, kuma dalilin a fili yake, yana narkar da dauɗar ta zama ruwa ta gangara ciki, yana iya sassauta gam ɗin da ya riƙe ragar. Wani zai ce ai na yi kuma ya yi, eh ana dacewa, amma ba kowa ba.

Ruwan goge kwalliya

Wannan hanyar Apple ne suka fitar da ita don ragar AirPods 3 da AirPods 4 da AirPods Pro. Ruwan da mata ke goge kwalliya da shi ne, wanda aka rubuta micellar water, da sharaɗin a jerin kayan haɗinsa akwai PEG-6 Caprylic/Capric Glycerides. Ana tsoma buroshin yara a ciki, a goge kowace raga a zagaye kamar sakan 15, a kifa a kan tishu ya tsotse, a maimaita har sau uku, sannan a wanke buroshin a sake yin haka da tataccen ruwa, wato distilled water, don cire sauran sabulun, a bar shi ya bushe aƙalla awa biyu kafin ya koma akwati ko kunne. Ita ce ta fi kowace cire maiƙon da ya daɗe, kuma ƙarar kan dawo sosai. Kuɗinta ya fi na sauran, ƙaramar kwalba za ta ci riyal ashirin zuwa arba'in, sai dai in uwargida tana da shi a gaban madubi, ka roƙi murfi ɗaya ya ishe ka. Tataccen ruwan ka saya a kemis, in kuma na batir ɗin mota za ka ɗauko to ka karanta da kyau kar ka kwaso mai asid. Haɗarin yana wajen wanda bai kamata ya yi ba. An tsara ta ne don waɗannan samfuran da ke jure gumi da fantsamar ruwa. Kwafin AirPods na riyal talatin ko hamsin da ake sayarwa a bakin hanya, kamanninsu ɗaya amma ciki babu abin da ke tare ruwa, ka yi musu wannan wankan ka yi musu sallama. Sauran kamfanoni kamar Samsung busasshen buroshi da auduga suke cewa. Kuma awa biyun nan ba wasa ba ne, kar ka ce za ka gaggauta da na'urar busar da gashi ko ka shanya a gaban mota, batir ɗin ciki ba ya son zafi, ranar Makka kuwa kowa ya san ta.

Mai gyara

A Jidda Shari'a Falasɗin, a Riyad Mursalat ko Baɗha, a Makka wajen Utaibiyya. Kuɗin ciniki ne, wani ma in ka sayi abu a wajensa zai goge maka kyauta. Amfaninsa yana da gilashin ƙara girma da abin gwada wuta, zai iya gaya maka ko akwatin na fitar da wuta ko a'a, abin da kai ba za ka gani da ido ba. Amma ka tsaya a kansa, don akwai masu ɗaukar allura ko su fesa ruwan wanke allon waya kai tsaye a raga. In kayanka na asali ne kuma garanti bai ƙare ba, wakilin kamfanin za ka fara zuwa da rasit ɗinka kafin kowa ya ɓalle shi.

| Hanya | Kuɗi | Ga raga | Ga caji | Daɗewa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Buroshi da auduga | riyal 5 zuwa 10 | datti busasshe kawai | ƙura da zare | sai ana maimaitawa | kusan babu |
| Danƙo | ƙasa da 20 | yana ciro maiƙo | ba ya aiki | makonni | in ya yi laushi ya maƙale |
| Sifirit | 10 zuwa 15 | kar a sa | shi ne maganin | watanni | kaɗan in bai ɗiga ba |
| Ruwan kwalliya | 20 zuwa 40 | ya fi kowa | kar a sa | watanni | babba ga kwafi |
| Mai gyara | ciniki | ya danganta da hannunsa | yana gwada wuta | ya danganta | in mai allura ne |

Akwai uku da ban sa a tebur ba don ba zaɓi ba ne. Allura ko tsinken cire layin waya yana huda raga, a ƙarafunan caji kuma yana kankare ruwan gwal ɗin da ke hana tsatsa, ka samu caji yau, wata mai zuwa tsatsar ta fi ta da. Iskar banshar, wato ta masu gyaran taya, ko ta gwangwani tana tura datti ciki kuma tana iya fasa fatar sifika. Tsotsa da baki kuma, ban da ƙazanta, danshin numfashi kake sa masa.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe, don caji ya fi rikitarwa. A ce direba ne a Jidda, iyafis irin mai filoli biyu a akwati, na hagu ya ƙi caji, kuma da ma na hagun yake yini da shi a kunne. Ya fara duba akwatin kansa yana da wuta, don akwati in ya yi ƙasa sosai yakan ƙi cika su, ya sa shi a caja rabin awa. Bai canza ba. Ya danna na hagu da yatsa, fitila ta kama, ya saki ta ɗauke. Ya haska, ɗigo biyun jikin iyafis ɗin ɗaya yana sheƙi ɗaya ya yi duhu da ɗan kore a gefe. Buroshi busasshe tukuna, sai auduga mai danshin sifirit, audugar ta fito da baƙi, ya sake da sabuwa har ta fito fes. Ya jira ya bushe, ya mayar, har yanzu sai ya danna. To nan ne mutane ke cewa ya mutu, alhali saura abu ɗaya. Filolin akwatin nan suna da ɗan sifirin a ƙasansu, ana danna su su dawo. Ya kwatanta na hagu da na dama sai ya ga fil ɗaya ya nutse bai kai tsayin ɗan'uwansa ba, gishirin gumi ya riƙe shi a ƙasa. Maganin tsinken sakace na itace, ba ƙarfe ba don kar ya haɗa filolin biyu, ya taɓa kan fil ɗin da audugar sifirit, ya riƙa danna shi a hankali yana saki, danna saki, har ya ji ya fara tasowa da kansa. Ya bar murfi a buɗe ya bushe, ya mayar da iyafis, caji ya kama ba tare da yatsa ba. In da fil ɗin ya ƙi tasowa, sifirin ɗin ya ci tsatsa ke nan, wannan sai mai gyara ko sabon akwati.

Abu ɗaya da ake mantawa, in ka canza robar baki ka sa babba ko ta soso wadda ba ta kamfanin ba, tana iya hana iyafis zama daidai a raminsa, murfi ya rufe amma ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Cire robar ka gwada shi tsirara, in ya yi caji ka san mai laifin. Ita robar da ma ruwa zalla ake wanke ta da shi bayan an cire ta, a bari ta bushe sarai.

Sai iyakar gogewa. In bayan komai yana nuna ya cika ɗari amma minti goma sha biyar ya mutu, batir ne ya gaji, babu sifirit ɗin da zai tashe shi, kuma yawanci kunnen da ka fi amsa waya da shi ne ke riga ɗayan. In raga ta yi fes amma sautin yana karkarwa musamman wajen kiɗa mai nauyi, sifikar ce ta taɓu. In kuma duk iyafis ɗin da ka sa a wannan kunnen ƙasa-ƙasa kake ji, juya su ka sa na dama a hagu ka gani, wataƙila kunnen ne ya toshe, likita za ka gani ba mai gyara ba.

To wa zai ɗauki wanne? Wanda kayansa sabo ne kuma ƙarar ba ta ragu sosai ba, buroshin yara kawai ya ishe shi. Mai kwafi ko iyafis mai araha da raga ta toshe, buroshi sannan danƙo mai sanyi da hannu mai sauƙi, ruwa ko kusa kar ya je. Mai AirPods 3 ko 4 ko Pro na asali da ƙara ta yi ƙasa sosai, ya sayi ruwan kwalliyar ya yi da daddare ya bar shi ya kwana ba a cikin akwati ba. Wanda caji ne matsalarsa, ko wane iri ne, kwalin mas'ha ɗibbiyya da tsinken auduga da na sakace, in direba ne ko mai aikin rana ya ajiye tishu a mota yana goge gumin kafin ya rufe akwati. Wanda ya zo Umara ko Hajji na 'yan kwanaki kuma ba ya son sayen tarkace, 'yan ƙyallayen sifirit daga kemis ɗin kusa da masauki da buroshi ɗaya sun wadatar har ya koma gida. Mai garanti ya nemi rasit ɗinsa, wanda fil ya maƙale masa ya ƙi tasowa kuma ya tambayi kuɗin gyara da kuɗin sabon akwati kafin ya ce a buɗe.